Na iya i'irabi, amma labaran Larabci suna wuce ni: ina mafita?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na sauke Durusul Luga duka juzu'i ukun, na karanta Ajurumiyya a gaban malami, in ka ba ni jimla zan yi maka i'irabinta ba gargada. Amma in na kunna labaran Aljazeera sai dai in tsinci kalma nan, in tsinci wata can, kafin in haɗa su mai karanta labaran ya yi nisa. Littafi marar wasali kuwa, shafi ɗaya sai ya cinye mini rabin awa. Da farkon karatu in na haddace kalmomi goma, a makon nan zan ci karo da su. Yanzu ina haddacewa, ba na sake ganinsu har su zube. Shin in koma farko ne, ko in shiga Alfiyya, ko me? Don Allah wanda ya taɓa tsallake wannan matakin ya taimaka.

Sadiku_Fagge:
Wa alaikumus salam. Wallahi kamar ni ka rubuta wa. Ina nan ina jiran amsa.

Almajirin_Zage:
Akhi, amsar tana cikin tambayarka. Ajurumiyya ta yara ce. Ka shiga Alfiyyar Ibnu Malik, baiti dubu ne da 'yan kai, ka haddace ta da sharhi. Duk manyan malamanmu ta nan suka bi. Wanda ya riƙe Alfiyya babu Larabcin da zai gagare shi.

Malama_Ummu_Safiya:
Almajirin Zage, Alfiyya alheri ce, amma ba ciwon da ya kawo take magani ba. Ka sake karanta abin da ya rubuta. Bai ce yana rikita fa'ili da maf'uli ba. Cewa ya yi kalmomi ba sa zama, kunne kuma ba ya kamawa.

Malam Abu Hanan, abin da ya same ka ba koma baya ba ne, haka harshe yake. Kalmomin da ake fara koya, irin su gida, ya tafi, ya ce, littafi, su ne suke maimaituwa a kowane layi. Shi ya sa da farko komai ka haddace sai ka gan shi washegari, ganin nan kuwa shi ne bitar da ta sa ya zauna, ba haddar ba. Yanzu ka gama da waɗannan. Kalmomin da suka rage maka su ne masu zuwa jefi-jefi, wata sai ka karanta shafi hamsin kafin ka sake haɗuwa da ita. In a mako shafi uku kake karantawa, kafin ta dawo ta riga ta gudu. Guga ɗaya ne, ruwan ne ya yi ƙasa, tsohuwar igiyar ba ta kai shi yanzu.

Kafin kowa ya ba ka shawara, ka yi gwaji biyu ka kawo mana sakamako. Na farko, ka ɗauki shafin abin da kake karantawa, ka ƙirga kalma 200, ka ja layi a ƙarƙashin duk wadda ba ka sani ba, kada ka buɗe ƙamus. Na biyu, ka samo labari na minti ɗaya ko biyu wanda akwai rubutunsa, ka saurara kana rubuta abin da ka ji, ka maimaita yadda kake so, sannan ka gwada da rubutun asali.

DanMaradi:
Ni dai a ganina duk wannan wahala ce. Harshe a bakin masu shi yake. Ka nemi hanya ka tafi Masar ko Saudiyya wata shida, ka dawo kana zuba kamar Balarabe.

Bintu_Yerwa:
DanMaradi, ba haka kai tsaye ba. Yayana ya yi karatu a Khartum shekarun baya. Ya dawo ya iya ciniki da hira da Larabcin Sudan tsaf, amma rubutu da fusha, wato Larabcin littafi da jarida, sai a hankali, domin a masauki da 'yan Najeriya yake kwana yake tashi, a kasuwa kuma ba fusha ake yi ba. Mu nan Maiduguri muna da Shuwa Arab a unguwa, ni kaina ina jin yarensu, amma wannan bai sa na fahimci jarida ba. Kuma wa ke da kuɗin jirgi yanzu?

DanMaradi:
To ai ko na kasuwar ma ci gaba ne, Hajiya. Ya fi a zauna ana i'irabi baki a rufe.

Hafiz_Gombe:
Ni ma na tsaya a izu talatin. Da shafi ɗaya nake ɗauka kullum, yanzu in na ƙara sabo sai tsohon ya zube. Wasu sun ce in rage ƙari in ƙarfafa tilawa. Me kuke gani?

Sadiku_Fagge:
Malam Hafiz, maganar koyon Larabci ake, ba hadda ba. Amma Allah Ya sauƙaƙa.

Injiniya_Bash:
Bari in ƙara wa maganar Malama lissafi, don masana sun auna abin nan. Wani masani ɗan New Zealand, Paul Nation, ya nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutu cikin sauƙi ba tare da ƙamus ba, sai ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke shafin. A nazarinsa na 2006 ya ƙiyasta cewa a Turanci wannan yana buƙatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000, alhali dubu biyun farko kaɗai suna rufe fiye da kashi 80 na shafi. A kan Turanci aka yi lissafin, amma siffar abin ita ce muhimmiya: dubu biyun farko sun kai ka sama da 80, sauran 'yar tazarar kuma sai ka ninka abin da ka sani sau huɗu ko fiye. Ga inda jin an tsaya cik yake fitowa. Kana tafiya, ma'aunin ne ba ya motsi da sauri.

Wani abin kuma, cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna tana sa Larabci cikin mafi wuya ga mai jin Turanci, awa 2,200 na aji. In awa ɗaya kake ba shi kullum, shekara shida ke nan.

Almajirin_Zage:
Injiniya, wannan lissafin Turawa ne. Mu da muka taso da allo, Hausarmu cike da Larabci, ba za a haɗa mu da Ba'amurke ba.

Injiniya_Bash:
Gaskiya ne muna da rata, mun san baƙi da wasali tun muna yara, kalmomin addini da shari'a kuma kyauta muka same su. Amma wace kalma allo ya ba ka a kan hauhawar farashi ko tsagaita wuta? A nan kowa daga sifili yake farawa.

Abu_Hanan:
Malama, na yi gwajin. A labarin siyasa, cikin kalma 200 na ja layi a ƙarƙashin 30. Saurare kuwa abin ba a cewa komai. Ga jimla ɗaya da ta kayar da ni, kamar yadda take a rubuce: a'rabal aminul ammu an ƙalaƙihil baligi iza'a tadahwuril auda'i. Abin da na iya rubutawa kawai shi ne a'raba, sai aminu, sauran duk ya dunƙule.

Malama_Ummu_Safiya:
Madalla, yanzu muna da abin kamawa. 30 cikin 200 kashi 85 ke nan ka sani, wato kusan kowace kalma ta bakwai baƙuwa ce. Wannan ba karatu kake yi ba, fassara kake da ƙamus, dole shafi ya ci rabin awa.

Jimlar nan kuma ta nuna cuta uku daban-daban, kowacce da maganinta. Ma'anarta dai, babban sakatare ya nuna matuƙar damuwarsa game da taɓarɓarewar al'amura.

Iza'a da tadahwur, ina kyautata zaton ba ka san su ba ko a takarda. Wannan ƙarancin kalmomi ne, ko sau ɗari ka saurara ba za su fito ba. Maganinsa karatu.

Ƙalaƙ kuwa na tabbata ka san ta, balig ma haka. Amma a baki ba a raba su, an ja ƙarshen ta farko an haɗe da lam ɗin ta biyu, ya zama ƙalaƙihil baligi a numfashi ɗaya. Idonka ya san kalmomin a ware da fili tsakaninsu, kunnenka bai taɓa koyonsu a haɗe ba. Maganin wannan shi ne ka ci gaba da irin shiftar nan da ka yi, minti ɗaya kullum ya isa, bayan ka gyara sai ka sake saurara kana bin rubutun da ido, sannan ka rufe rubutun ka bi mai karantawar da bakinka da saurinsa. Gajeren abu sau da yawa ya fi awa guda ta labarai tana wuce ka.

Na uku shi ne mafi ban sha'awa. Ka ji a'raba daidai, amma ɗalibin nahawu in ya ji ta i'irabi yake tunawa. A jarida kuwa kusan kullum da an take tafiya, a'raba an, ya bayyana abin da ke ransa. Auda'u ma ka san tilonta, wad'u, jam'in ne ya ɓoye maka ita. Wato akwai kalmomin da ka sani rabi. Daga yau kada ka rubuta fi'ili shi kaɗai a littafinka, ka rubuta shi da harafin da yake ja da abokin tafiyarsa: a'raba an ƙalaƙihi, shaddada ala, aƙada ijtima'an. Suna kuma da jam'insa.

Sadiku_Fagge:
Allah Ya saka da alheri Malama. Amma karatun fa? In jarida ta yi tsauri me za a karanta?

Malama_Ummu_Safiya:
Abin da ya fi ƙarfinka kaɗan, ba da yawa ba. Ma'auni shi ne kalma huɗu zuwa goma baƙi a cikin 200. Ƙisasun Nabiyyin na Abul Hasan Annadawi an tsara shi ne yana ƙara nauyi daga juzu'i zuwa juzu'i, kuma labaran ka riga ka san su, wannan yana taimaka wa hasashe. Akwai kuma labaran yara na Kamil Kilani ɗan Masar, da wasali, Larabcinsu kuma mai kyau ne. Shafi goma a rana, ba i'irabi, ba tsayawa. Kalmar da ba ka sani ba ka wuce ta, sai in ta dawo karo na uku ko ta toshe ma'ana sannan ka buɗe ƙamus.

Almajirin_Zage:
Haba Malama. Mutum ya sauke Ajurumiyya a ce ya koma tatsuniyar yara? Kuma karatu ba i'irabi ai shi ke haifar da lahani. Mun ga masu zuba Larabci a mumbari suna ɗaga maf'uli suna karya fa'ili.

Baba_Na_Kofar_Mata:
Yarona, kai ma da gaskiyarka, amma ka saurara. Na koyar da Larabci a sakandare har na yi ritaya. Ɗaliban da suka fi ba ni tausayi su ne waɗanda suka cika kai da ƙa'ida, in ka ce su rubuta wasiƙar neman izini layi biyar sai gumi. Ƙa'ida tana gyara maganar da ke akwai ne. In babu maganar, me za ta gyara? Alfiyya za ta yi masa daɗi ƙwarai bayan ya karanta shafuka dubu, domin a lokacin kowane baiti zai tuna masa jimlar da ya taɓa gani.

Sai dai ban yarda da Malama a kan wasali ba gaba ɗaya. In ya daɗe a littattafai masu wasali, ranar da aka cire su zai koma inda yake. Baƙaƙe uku, kaf da ta da ba, suna iya zama kataba, ko kutiba, ko kutub, mahallin jimla ne kaɗai ke faɗa maka. Wannan ƙwarewa ce ta daban, ba ta zuwa sai an yi ta. Ni abin da nake sa ɗalibai shi ne su ɗauki sakin layi marar wasali, su sa masa wasali da fensir, sannan su saurari wanda ya iya yana karantawa su gyara. A nan ne nahawun da ka tara zai fara biyan bashi.

Malama_Ummu_Safiya:
Baba, na karɓa. Amma sakin layi ɗaya a rana, kada ya mayar da duk karatun haka, in ba haka ba mun koma shafi ɗaya rabin awa.

Zee_Kaduna:
Ni Turanci ne nawa amma matsalar iri ɗaya ce. Abin da ya fitar da ni shi ne na daina tsalle-tsalle. Na zaɓi labaran ƙwallo kawai na wani lokaci. Makon farko wahala, daga baya na ga kalmomin su ne dai suke ta dawowa, sai na koma labaran lafiya. Ina ga zai yi a Larabci.

Injiniya_Bash:
Zee ta faɗi maganin jaridar. Malam Abu Hanan, 30 ɗin nan naka ba za ta ragu ba in yau siyasa, gobe tattalin arziki, jibi wasanni. Ka kama labari ɗaya mai ci gaba, misali yaƙin Sudan, wanda ka riga ka ji shi a BBC Hausa da safe, ka bi shi kullum da Larabci. Kalmomin tsagaita wuta, 'yan gudun hijira, agaji, sulhu, su za su yi ta zuwa da kansu. Ka mayar da kalma mai zuwa jefi-jefi ta zama ta kullum ke nan. Bayan mako uku ka sake ƙirga 200 a sabon labari kan batun, ka ga ko lambar ta sauko. Kada ka dogara da yadda kake ji, ji yana yaudara a matakin nan.

Ina kuma amfani da manhajar Anki, wadda ake bitar kalmomi da kati a cikinta, amma a yi hattara. Jagorar manhajar da kanta ta ce in kana ƙara sabbin kati 20 kullum, bitarka za ta kai wajen kati 200 a rana. Mutane da yawa a nan suke karaya, lokacin karatu duk ya tafi a danna waya. Biyar zuwa goma sun isa, kuma jimlar da ka tsinto da kanka, ba jerin da wani ya haɗa ba.

Maman_Khalil:
Ku yi dariya in kun so, ni zane-zanen yara da aka fassara da fusha nake kallo tare da 'ya'yana a Spacetoon. Suna magana a fili, hoto yana nuna maka abin da ake nufi. Kunnena a nan ya buɗe.

DanMaradi:
Duk kun koma karatu da saurare. Bakin fa? Mu a nan wanda ya yi lakol yana jin Faransanci ne don dole ake sa shi magana. Ku yi ta karatu, ranar da Balarabe ya tare ku za ku ce na'am na'am kawai.

Bintu_Yerwa:
A nan kam ina bayanka. Shi ya sa ma ake tura ɗaliban Larabci na jami'o'in Najeriya Ƙauyen Larabci na Ngala, wanda rikici ya sa ya dawo Maiduguri, don a tilasta wa baki. Amma magana ba mai gyara ita ma tana da illa. Ni na daɗe ina cewa ha'ula'il kutub, saboda a Hausa waɗannan littattafai muke cewa. Ƙa'idar na san ta sarai, jam'in abin da ba mai hankali ba ana ɗaukarsa kamar mace ɗaya, hazihil kutub, in a jarrabawa ne ba zan faɗi ba. A baki ne take kuɓucewa, kuma kowa yana fahimtata, don haka ba wanda ya tsayar da ni.

Malama_Ummu_Safiya:
Wannan shi ne kuskuren da ya daskare, kuma karatu kaɗai ba ya narkar da shi. An gani a Kanada, yaran da aka yi shekaru ana koya musu darussa da Faransanci sun kai matuƙa a fahimta, amma magana da rubutunsu na ɗauke da kurakuran nahawu. Daga nan Merrill Swain ta kawo bayaninta a 1985 cewa sai an matsa wa mai koyo ya furta da kansa kafin ya lura da giɓinsa. Abin da nake ba ɗalibaina shi ne, labarin da ka karanta yau, ka ɗauki muryarka a waya kana ba da shi minti biyu ba ka kallon takarda. Ka saurara, ka kama kuskure iri ɗaya tak, ka yi mako kana farautarsa. In ka ce duka za ka gyara lokaci guda, bakin zai ƙi buɗewa.

Sadiku_Fagge:
To yanzu an ce shafi goma, shifta, wasali da fensir, Anki, ɗaukar murya. Ni da nake tashi daga shago ƙarfe tara na dare, wanne zan ɗauka?

Injiniya_Bash:
Ka yi gwajin da Abu Hanan ya yi, inda ka fi faɗuwa nan za ka sa lokacinka.

Baba_Na_Kofar_Mata:
In minti talatin gare ka, ashirin karatu, goma saurare. Sauran su jira.

DanMaradi:
Ni kuwa na ce goman nan ka kira wani ku yi magana.

Abu_Hanan:
Na gwada ƙirga a wani labarin Kilani, 6 cikin 200, kuma na kai ƙarshensa a zama ɗaya. Sai dai gaskiya raina bai kwanta ba, ji nake kamar ba karatu nake ba tunda ban sha wuya ba. Kuma malamina na zaure ya ce ranar Asabar za mu fara Alfiyya, ba zan iya ce masa a'a ba.

Almajirin_Zage:
Alhamdu lillahi. Ka je, akhi, kada ka bari a hure maka kunne.

Malama_Ummu_Safiya:
Ka je mana, ba wanda ya ce ka saɓa wa malaminka. Amma kada baitocin su cinye shafi goman. Shidan nan da ka ja wa layi, guda nawa ka gane daga mahalli kafin ka duba?

Abu_Hanan:
Huɗu. Biyun kuwa har yanzu ban same su a ƙamus ba, Mu'ujamul Wasiɗ ne da ni, ta tushe yake jera kalmomi, ni kuma na kasa gano tushensu.

Baba_Na_Kofar_Mata:
Turo su nan mu gani. Ina zargin akwai wawun ko ya'un da ya faɗi a ciki.